Gasar ƙungiyoyi bakwai: a kafe Hutu ko a kafe lamba 1?

"Salam. Muna shirin gasar unguwanni a nan Jos, ƙungiyoyi bakwai, daga Unguwar Rogo har Bukuru, kowa zai buga da kowa. Mun san za a ƙara Hutu su cika takwas a riƙa juyawa. Sakatarenmu ya ce lamba 1 ake kafewa, wani koci ya ce Hutu ake kafewa. Akwai bambanci, ko duk ɗaya ne?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ku bi maganar koci, ku kafe Hutu. Duk hanyar da kuka ɗauka cikin biyun lissafi zai cika: mako 7, wasa uku kowane mako, wasa 21 gaba ɗaya, kowace ƙungiya ta buga shida ta huta sau ɗaya. Saboda haka ne mutane da yawa ke cewa duk ɗaya ne. Bambancin ba ya fitowa sai an zo rabon gida da waje, da tambayar wa zai riƙa karawa da waɗanda suka dawo daga hutu.

Ka zana tebur huɗu a jere, kowanne da kujerar sama da ta ƙasa. Masu kallon juna su ne za su kara a makon. Wanda aka kafe yana kujerar sama ta tebur na farko, ba ya motsi. Sauran bakwai kowane mako suna matsawa kujera ɗaya yadda hannun agogo yake tafiya: na sama su matsa dama, wanda ya kai ƙarshe ya sauko ƙasa, na ƙasa su matsa hagu, wanda ke ƙasan kafaffen ya haura ya zauna a damarsa.

Ga hanyar sakatare, inda aka kafe lamba 1, H kuma ita ce alamar Hutu:

```
Mako 1        Mako 2        Mako 3
1  2  3  4    1  H  2  3    1  7  H  2
H  7  6  5    7  6  5  4    6  5  4  3
```

Ga ta koci kuma:

```
Mako 1        Mako 2        Mako 3
H  1  2  3    H  7  1  2    H  6  7  1
7  6  5  4    6  5  4  3    5  4  3  2
```

Tun daga zanen za ka ga abu ɗaya. A hanyar sakatare Hutu yana yawo daga tebur zuwa tebur, masu hutawa kuma suna fitowa a tsallake: 1, 6, 4, 2, 7, 5, 3. A ta koci tebur na farko shi ne wurin hutu kullum, masu hutawa suna saukowa a jere daga 7 har 1. Wannan sauƙin karatu ne kawai, ba shi ne ya sa na zaɓe ta ba.

Maganar gida da waje ita ce babba. Abin da aka saba yi shi ne a ce na sama su ne masu masauki. Idan kuka yi haka a hanyar sakatare, lamba 1 za ta buga wasanninta shida duk a gida, ba za ta taɓa biyan kuɗin mota ba. Lamba 3 da 5 da 7 kowacce wasa biyu kacal za ta samu a gida, lamba 5 ma za ta buɗe gasar da tafiya huɗu a jere. A ce ita ce ta Bukuru, ka lissafa kuɗin ɗauko 'yan wasa zuwa cikin gari mako huɗu babu sararawa, alhali nata magoya bayan ba su gan ta a filinsu ba ko sau ɗaya. A hanyar koci wannan ƙa'idar tana ba kowa uku a gida uku a waje, sai dai ukun suna zuwa a dunƙule, domin ƙungiya takan ratsa kujerun sama uku kafin ta sauko ƙasa.

Gyaran da ake yi shi ne a riƙa sauya ɓangaren gida daga tebur zuwa tebur. A tebur na biyu na sama ne mai gida, a na uku na ƙasa, a na huɗu na sama. Yanzu ka bi ƙungiya ɗaya a hanyar koci daga ranar da ta gama hutu. Ta zauna sama a tebur na biyu, gida. Ta matsa na uku, waje. Na huɗu, gida. Ta sauko ƙasan na huɗu, waje. Ƙasan na uku, gida. Ƙasan na biyu, waje. Daga nan sai kujerar hutu. Duk bakwai ɗin kujerun nan guda suke bi, kowacce dai da inda ta faro, don haka babu wadda za ta buga biyu a jere a gida ko biyu a jere a waje. Ga jadawalin gaba ɗaya, mai gida ne a farko:

```
Mako 1   1-6   5-2   3-4   hutu: 7
Mako 2   7-5   4-1   2-3   hutu: 6
Mako 3   6-4   3-7   1-2   hutu: 5
Mako 4   5-3   2-6   7-1   hutu: 4
Mako 5   4-2   1-5   6-7   hutu: 3
Mako 6   3-1   7-4   5-6   hutu: 2
Mako 7   2-7   6-3   4-5   hutu: 1
```

Duba lamba 4: waje, gida, waje, hutu, gida, waje, gida. Ka zaɓi kowace lamba, haka za ka tarar.

Wannan gyaran bai isa ya daidaita hanyar sakatare ba. A can dole a riƙa sauya wa lamba 1 gida da waje da hannu tunda ba ta motsi, sannan Hutu yana cinye wa wata ƙungiya kujerar gida, ya cinye wa wata ta waje. Idan lamba 1 ta fara wasanta na farko a gida, lamba 2 da 6 kowacce ta tashi da huɗu a gida, lamba 3 da 7 da bibbiyu. Idan ta fara a waje, lamba 5 ce mai huɗu, lamba 4 mai biyu, kuma lamba 4 za ta buga wasa uku a jere a waje. Ana iya bin wasannin ɗaya bayan ɗaya a daidaita, amma an koma aikin hannu ke nan, kuma kowane wasa da kwamiti ya juya da hannunsa sai wani ya tambayi dalili.

Akwai kuma abin da ba a lura da shi sai gasa ta yi nisa. Ƙungiyar da ta huta tana dawowa ne bayan mako biyu ba ta buga ba, masu rauni sun samu sauƙi, kocinta kuma ya je ya kalli wasan abokan karawarsa a natse. A hanyar sakatare, da jerin da na zana a sama, lamba 6 za ta kara da 4 a mako na huɗu, da 2 a na biyar, da 7 a na shida, da 5 a na bakwai. Dukkansu huɗun daga hutu suke fitowa. Ba tsautsayi ba ne, tsarin juyawar ne ya sa lamba 6 take bin sawun Hutu: daga mako na uku, duk wanda Hutu ya zauna da shi wannan makon, ita zai tarar mako mai zuwa. Ni a ganina wannan zalunci ne ga ƙungiyar da ba ta yi laifin komai ba sai ɗaukar lamba 6, kuma idan ta faɗi ƙasa za a ɗora wa yaran laifi ne a ce ba su iya ba. A hanyar koci, wadda ta dawo daga hutu tana karawa ne da wadda za ta huta a mako na gaba: 7 da 5, sai 6 da 4, sai 5 da 3, har ƙarshe. Kowa ya ɗanɗana sau ɗaya, sai lamba 6 da ta tsira, domin nata ya faɗo a makon farko lokacin da babu wanda ya riga ya huta.

Wataƙila ka ce a fili ɗaya za ku yi komai, babu gida babu waje. To, teburan sai su koma lokutan wasa, misali na safe, na bayan Azahar, da na bayan La'asar. A hanyar koci kowace ƙungiya tana zama sau biyu a kowane tebur, saboda haka kowa zai samu wasan bayan La'asar biyu, lokacin da 'yan kallo suka fi cika, ya kuma sha ranar Azahar sau biyu. Wurin da na yarda a kafe ƙungiya ta gaske ɗaya ne: idan kun amince da gangan cewa masu filin su riƙa buga wasan ƙarshe kullum saboda kuɗin ƙofa. A nan hanyar sakatare tana ba ku wannan kai tsaye, amma ku faɗa wa mai lamba 6 abin da ke jiranta. Hukumar wasan ces ta duniya, FIDE, tana amfani da jadawalin da ake kira da sunan Johann Berger na ƙasar Ostiriya, kuma a cikinsa lambar ƙarshe ce kafaffiya, ita ce take zama hutu idan 'yan wasa ba su cika bibbiyu ba.

Kafin ku buga jadawalin ku raba, ku gwada shi da tara lambobi. A kowane mako, ka haɗa lambobin masu karawa, jimlar za ta zo ɗaya ko ta bambanta da 7 daidai. Mako na biyu ya ba da 12 da 5 da 5, na huɗu ya ba da 8 sau uku, na biyar 6 da 6 da 13. Idan wani wasa ya saɓa, an yi kuskure wajen juyawa, galibi an matsar da wani kujera biyu ko an manta an motsa Hutu. Wannan gwajin na hanyar koci ne, ba ya aiki a ɗayar.

Abu ɗaya ne babu hanyar da ke maganinsa: dole wata ƙungiya ta gama wasanninta a mako na shida, ta zauna kallo ranar rufewa, masu binta kuma sun san makin da suke buƙata. A wannan jadawalin lamba 1 ce. Don haka kada kwamiti ya raba lambobi da kansa. Ku fara lika jadawalin da lambobi zalla, sannan wakilan ƙungiyoyin bakwai su ɗauki ƙuri'a a gaban juna. Idan kuna son zagaye na biyu, ku maimaita makonnin bakwai a jerensu ku juya gida da waje, gasar ta zama mako 14 da wasa 42. A mahaɗar zagayen biyu kowace ƙungiya za ta buga biyu a jere a gida ko a waje, sau ɗaya tak, kuma babu wadda abin zai tsallake.