Jaka 200 a Damagaram, jaka 200 a Yamai: a ina ta fi auki?

Ƙanena ya samu canjin wurin aiki, albashin bai canza ba, jaka 200 ne a wata, aka ce ya zaɓa: ya zauna Damagaram, ko ya tafi Yamai, Maraɗi ko Agadas. Da yake ni na yi shekara uku a Yamai da albashi kusan haka, sai na ɗauko tsohon littafin cefanena muka zauna.

A Yamai ɗaki biyu da falo na kama a Talaje, jaka 70 duk wata. Wurin aikina yana tsakiyar gari, taksi biyu nake shiga kafin in isa, kowace dala 40, wato dala 160 zuwa da dawowa. A kwana 22 na aiki wajen jaka 18 ke nan, ban sa na maiɗakina da yara ba. Cefane jaka 85, ruwa da kuran jaka 20. Jimilla jaka 193. Jaka 7 ce ke saura ta ciwo, ta suna, ta gaisuwa. Ga gida da nisa, wajen kilomita 900, zuwa sallah da iyali sai an ci bashi.

Irin wannan gidan a nan Damagaram, unguwar Garin Malam, jaka 30 nake biya, da fili har ana ɗaure tunkiya. Garin ba shi da faɗin Yamai, da babur ɗina man jaka 6 yana kai ni ƙarshen wata. Abinci shi ne babban sirrin. Da kaka nake sayen gero buhu-buhu a Kasuwar Dole ko in aika Mirriya, lokacin tiya tana da sauƙi, wani kuma daga gonar gida yake zuwa ba a auna shi da kuɗi. Cefanen wata bai cika wuce jaka 65 ba, kuran jaka 12. Mutumin da ke Yamai ba ya da inda zai jibge buhu biyar, sai ya riƙa sayen tiya-tiya har lokacin tsada ya riske shi.

Ba zan ɓoye aibin garinmu ba, ruwa ne. Da bazara famfo yana iya kwanaki bai kawo ba, sai 'yan ga-ruwa. Gidana jarka shida muke sha kullum, idan ta kai dala 20 kowace, jaka 18 ke nan a wata. Ko da na sa wannan a lissafi, jimilla jaka 131 ce, saura jaka 69. Dabarar ita ce kafin ka kama gida ka tambayi matan maƙwabta, ba mai gida ba, ƙarfe nawa ruwa yake zuwa a watan Afrilu.

Maraɗi ba laifi, kaya da arha, amma haya ta fi tamu tsada a yadda na gani. Agadas kuwa yawancin hatsinta daga kudu ake kai shi, kuɗin mota yana cikin kowace tiya, na ce ya manta da ita.

Abin da ba ya cikin lissafin wata shi ne kuɗin shiga gida, kuma nan aka yanka ni. Mai gida ya nemi hayar wata uku a gaba da ajiyar wata biyu, dillali ya nemi na wata ɗaya. Wata shida a jaka 70, jaka 420, albashin wata biyu da ɗori tun ban shimfiɗa tabarma ba. Kafin wannan ma wani dillalin ya riga ya cinye mini jaka 140. Ya nuna mini gida ta taga, ya ce makulli yana wurin Alhaji, Alhaji kuma ya yi tafiya, in ba da wani abu a riƙe mini don akwai mai so. Na bayar. Da na dawo bayan kwana huɗu, na tarar da wata mata tana shanya a tsakar gidan, wayar dillali a kashe.

Saboda haka duk dillalin da ba ya da makulli a hannu, ko yake gaggauta ka, ko ya hana ka ganin mai gida ido da ido, ka kama gabanka. Kuɗi a hannun mai gida za ka sa, gaban shaidu biyu, a rubuta takarda da adadin ajiya da ranar da za a mayar maka. Ka nemi takardar kuran da ta ruwa ta watan ƙarshe, don wanda ya tashi yana iya bar maka bashi a kan kwantar. Idan kwantar ta haɗin gwiwa ce da wasu 'yan haya, ka leƙa ko wani yana da firiza yana sayar da ƙanƙara, ni na biya wa irinsa wata takwas. Ka kuma dubi gindin katanga: in akwai layin da ruwa ya bari, gidan yana cikin masu shan ambaliya da damina, musamman unguwannin bakin kogi irin su Saga.

Ƙanena ya ce a Yamai ake saurin samun ƙarin girma, kusa da manya. Na ce masa ya tambaya ko ƙarin zai kai jaka 62 a wata, don ita ce tazarar da muka gani. Takardar canjin wurin aikin tana aljihunsa, ranar Litinin zai mayar da amsa.