Gwajin ƙoda a wani lab na Birnin Kebbi: aikinsu da kyau, amma takardarsu ba ta san jikin mutum ba

Lab ɗin da nake magana a kai mai zaman kansa ne, a cikin garin Birnin Kebbi. Wurin tsaf yake, an buɗe sabuwar allura a gabanmu, jinin da aka ɗiba da safe kuma kafin la'asar sakamako ya fito. Ta wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi. Ƙorafina kan yadda suke miƙa wa mutum takarda ne, ba tambaya ba bayani, alhali gwajin kiriyatinin, wato gwajin jini na duba aikin ƙoda, yana buƙatar duka biyun.

Mutum biyu na kai. Ƙanena mai shekara 28, wanda dakon buhunan shinkafa da kokawar kaka suka gina masa jiki, nauyinsa kilo 92 kuma da ƙyar za ka tsinci kitse a jikinsa. Sai Goggonmu mai shekara 74, mai ciwon suga, wadda ta rame har ta koma kilo 40. A takardarsa an buga `Creatinine 124 µmol/L` da harafin `H` a gefe, alamar ya haura. A tata an buga 84, ba wata alama. Yarinyar da ke kan teburi ta dubi tasa ta ce, "Malam, sai ka ga likitan ƙoda fa." Ta miƙa wa Goggo tata ta ce, "Baba, taki lafiya lau." Duka maganganun biyu sun kauce.

Kiriyatinin datti ne da tsokar jiki ke fitarwa kullum, kusan kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na sinadarin kiriyatin da ke ajiye a cikinta. Yana shiga jini, ƙoda ta tace shi ya fita ta fitsari. Saboda haka lambar da ke takarda abu biyu ne suka haɗu suka ba da ita: yawan abin da tsoka ta zuba, da saurin da ƙoda ke kwashewa. Kamar shara ce a ƙofar gida. Tarinta na iya nufin mai kwasa ya yi sanyi, yana kuma iya nufin gidan yawa ne. Ma'aunin da lab ke bugawa, wajen 60 zuwa 110 ga maza da 45 zuwa 90 ga mata, na masu matsakaicin jiki ne. Ƙanena ya fi haka tsoka, Goggo kuwa ba ta kai ba.

A ƙasan takardar akwai layin `eGFR`, wato ƙiyasin mililita nawa ƙoda ke tacewa a minti ɗaya. Na ƙanena 70, na Goggo 63. Lissafin da ke fitar da wannan lamba shekaru da jinsi da kiriyatinin kawai yake ɗauka, ba ruwansa da nauyi. Shi ya sa ya ajiye ƙato da tsohuwa mai kilo 40 kusan wuri ɗaya.

Likitan da muka kai wa takardun bai fara da lamba ba. Ya ɗora kowannensu a sikeli, ya auna hawan jini, sannan ya tambayi ƙanena, "Malam, me ka ci daren jiya kafin a ɗibi jinin?" Tsire ne da balangu, ba kaɗan ba. Dafaffen nama da gasasshe suna ɗauke da kiriyatinin nasu, suna ɗaga lambar na wasu awoyi, shi ya sa ake son mutum ya bar nama awa 12 kafin gwajin. Ya tambaye shi ko yana shan Seftirin ko simetidin na olsa, domin su biyun suna toshe wata ƙaramar hanya da ƙoda ke tura kiriyatinin cikin fitsari, lambar ta hau alhali tacewar tana nan yadda take. Ya kuma tambayi garin kiriyatin da 'yan ɗaga ƙarfe ke sha. Ba ko ɗaya, naman dai ne da ƙwanjin. Waɗannan tambayoyi ba su kai minti biyu ba, kuma babu wanda ya yi su a lab.

Duk da haka bai sallame shi da cewa ƙwanji ne ba, domin mai ƙwanji ma yana kamuwa da ciwon ƙoda. Ya sa a duba furotin a fitsarinsa, wanda fitowarsa alama ce ta ƙoda mai matsala, bai fito ba. Sai ya ba shi jarka ya tara fitsarin awa 24: na farkon safiya a zubar, duk wanda ya biyo baya a tara, har da na farkon safiyar washegari. An samu lita 1.8, kowace lita da kiriyatinin milimol 12, wato 21.6 a yini. Jinin da aka sake ɗiba, ba nama wannan karon, ya nuna maikromol 118 a kowace lita, milimol ɗaya kuwa maikromol dubu ne. Idan aka raba abin da ya fita a minti ɗaya da abin da ke cikin jini, ƙodarsa tana wanke wajen mililita 127 a minti. Wannan hanya takan ɗan zarce gaskiya, kuma idan aka manta fitsari ɗaya ba a tara ba lissafin ya ɓaci, amma tazarar 70 da 127 ta isa ta nuna cewa tsokarsa ce ke zuba da yawa.

Wadda ta ɗaga wa likitan hankali ita ce Goggo. Ya ja takarda ya yi lissafin Cockcroft-Gault, wanda shi yana saka nauyi: 140 a cire shekaru, a ninka da kilo, a ninka da 1.04 ga mace, a raba da kiriyatinin. Wato 66 sau 40 sau 1.04, a raba da 84. Ya ba da mililita 33 a minti, ba 63 na takarda ba. Tsokarta kaɗan ce, abin da take zubawa kaɗan ne, don haka ko ƙodar da ta gaji tana iya riƙe lambar a 84. Da ƙodarta lafiya take, mace mai wannan jiki sai a ga lambarta can ƙasa. Dama kiriyatinin yakan zauna cikin ma'auni har sai kusan rabin aikin ƙoda ya tafi, ga ramamme kuwa ɓoyon ya fi haka. Haka yake ga wanda ya daɗe a kwance, da wanda aka yanke wa ƙafa, da mai ciwon hanta da ya yi nisa.

Fitsarinta ya nuna furotin. Ga shi tana shan metfomin na suga, wanda ƙoda ce ke fitar da shi, kuma duk lokacin da gwiwa ta dame ta jikoki na sayo mata diklofenak a kemis. "Hajiya, wannan na gwiwar a ajiye shi daga yau," in ji shi. Ya rage mata metfomin, ya ce a maimaita jini da fitsari, domin ba a kiran ciwon ƙoda mai daɗewa sai alamar ta wuce wata uku. Ya kuma ce a adana kowace takarda: ga Goggo, tashi daga 84 zuwa 110 babban labari ne, ga ƙanena kuwa 118 da ta tsaya cak shekara da shekaru ba komai ba ce.

Zan koma lab ɗin? E, don lambobinsu na farko da na biyu sun tafi daidai da abin da likita ya zata, kuma ba sa ɓata lokaci. Amma da za su ajiye sikeli a bakin ƙofa, su ƙara layin nauyi da magunguna a fom, su kuma hana na kan teburi fassara sakamako, da sun rage wa mutane fargabar wankin ƙoda ba gaira ba dalili. Na tambaye su gwajin sistatin si, wani gwajin jini na ƙoda wanda bai dogara da tsoka ba kuma shi ya fi dacewa da irin waɗannan jikuna biyu, ko da yake magungunan sitiroyid da ciwon maƙoƙo suna karkatar da shi. Suka ce ba sa yi a nan, sai dai su ɗibi jinin su aika wani gari, kuma kuɗinsa ya ninka na kiriyatinin.