Tuni, neman biya ko gargaɗin ƙarshe: wanne za ki tura wa makarantar?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ɗinka wa wata makarantar kuɗi a nan Gombe kayan makaranta, sun ba ni rabin kuɗin, saura naira 320,000. Ranar da muka yi alkawari ta wuce da mako biyar, na tura saƙon tuni sau biyu, amsar dai ita ce a ƙara haƙuri. Shin in sake tunatarwa a hankali ne, ko in rubuta da kakkausar murya, ko in ba su gargaɗin ƙarshe? Ba na so in rasa cinikinsu."

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki rubuta ta tsakiyar, wato takardar neman biya, kuma ki rubuta ta a wannan makon. Ina da ƙaramar maɗaba'a, makarantu ne mafi yawan masu kawo mini aiki, kuma duka ukun nan na taɓa tura su. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, ba yawan fushin mai rubutu ne ya raba su ba. Tuni tambaya ce, neman biya yanke rana ne, gargaɗin ƙarshe kuwa sanar da matakin da za a ɗauka ne. Ana iya rubuta dukansu ba tare da kalma ɗaya ta cin mutunci ba.

Saƙon tuni yana ɗauka cewa mutumin mantawa ya yi, ko takardar lissafin ba ta isa teburin wanda zai sa hannu ba. Shi ya sa gaisuwarsa take da tsawo, ana tambayar iyali da aiki, sannan a ce wani abu kamar haka: "Ina tunatar da Malam game da ragowar kuɗin ɗinkin nan, ko akwai wata takarda da ake buƙata daga wajena?" Amfaninsa shi ne yana ba mutum hanyar biya ba tare da ya ji kunya ba, kuma a kwanaki biyu zuwa bakwai na farko bayan wucewar wa'adi babu abin da ya fi shi. Rauninsa kuwa, babu rana a cikinsa, saboda haka amsar "in sha Allahu muna sane" ta wadatar da shi. Kin tura shi sau biyu, ya gama aikinsa, domin yanzu kin tabbatar ba mantuwa ba ce. Na uku ba zai faɗa musu komai ba sai dai cewa ke ce mai haƙuri a cikin masu binsu bashi, kuma ranar da kuɗi suka shigo, mai haƙuri ake bari sai ƙarshe.

Na koyi wannan ne a kan wata makaranta da na buga wa littattafan rubutu da katin sakamakon jarrabawa. Aikin naira 650,000 ne, suka ba da 250,000 kafin alƙalami, saura 400,000 da aka ce za a biya mako biyu bayan an dawo daga hutu. Wata biyu ina tura saƙo ga ma'ajinsu, kowane saƙo ya fi na baya taushi, har na kai ga ba shi haƙuri a kan cewa na dame shi, alhali ni ma mai takarda yana bina kuɗin rim talatin. Wani dattijo da ya daɗe yana harkar hatsi a Tudun Hatsi ne ya karɓi wayata ya duba saƙonnin, ya ce mini: "Yaro, ai duk cikin nan ba ka tambayi kuɗinka ba, gaisuwa kake ta yi."

A daren na zauna na rubuta takarda a kan takardar shagona mai ɗauke da suna, ba ta kai rabin shafi ba. Bayan sallama da layi ɗaya na gaisuwa na rubuta: "Bisa takardar lissafinmu mai lamba 0147, mun kawo kaya na naira 650,000, ma'ajin makaranta ya karɓa ya sa hannu. An biya 250,000, saura 400,000, wanda wa'adinsa ya wuce da kwana 60. Muna neman a biya wannan kuɗi cikin asusun da ke ƙasa nan da ranar Juma'a 14 ga wata. Idan akwai gyara a lissafin, ko ana son a biya kashi-kashi, a sanar da mu a rubuce kafin wannan rana." Na haɗa da kwafin takardar lissafin da ta karɓar kaya, na kai da kaina ofishin mai makarantar, na roƙi sakatarensa ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafina.

Ki lura da abin da ya sauya. "Ina tunatarwa" ta koma "muna neman a biya". "Idan Allah ya hore" ta koma rana mai suna da lamba. "Ɗan ragowar nan" ya koma adadi a rubuce. Na daina cewa "ka" na koma "a biya", domin maganar ta tashi daga tsakanina da mutum ɗaya ta koma tsakanin shago da makaranta, kuma hakan yana rage zafi maimakon ya ƙara. Ban ba da haƙuri ba, ban kawo labarin matsalolina ba, ban kuma ambaci kotu ko lauya ba. Takardar ta tafi wurin mai ikon sa hannu a kan kuɗi, ta bar ma'ajin da ba shi da abin ba ni sai haƙuri.

Kwana biyu bayan haka mai makarantar ya kira ni da kansa. Ya ce shi ma'ajin ya gaya masa na yarda in jira har zango mai zuwa, abin da ban taɓa faɗa ba, amma taushin saƙonnina ya sa aka ɗauka haka. Ya buɗe mini littafinsu na ga iyaye da yawa ba su gama biyan kuɗin makaranta ba. Muka rubuta yarjejeniya a ƙasan takardar tawa: 200,000 a ranar, sai 100,000 sau biyu a ƙarshen watanni biyu masu zuwa, ya sa hannu, mataimakinsa ya shaida. Ya cika duka, kuma har yau ni nake buga musu aiki. Da zan fita ya rako ni har bakin ƙofa yana cewa da kowa zai rubuta masa a fili haka, da ya san wa zai fara sallama. Wannan takarda ita ce ta raba mini mutum biyu da Musulunci ya raba: wanda ke cikin ƙunci, da aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ce a jinkirta masa zuwa sauƙi, da mai hali da ke ja, wanda hadisi ya kira jinkirinsa zalunci. Na farkon zai zo da tayin kashi-kashi da rana, na biyun zai yi shiru ko ya fara ƙorafi a kan kayan da ya karɓa tuntuni ba tare da ya ce komai ba.

Gargaɗin ƙarshe yana da ranarsa, ba zan hana shi wannan ba, amma ni nadama kawai na samu a wajensa. Muryarsa busasshiya ce: babu gaisuwa sai sallama, ana jero ranakun saƙonnin baya, a ba da kwana bakwai ko goma sha huɗu, a faɗi mataki guda ɗaya, misali shigar da ƙara a kotu, ba tare da wata sanarwa ba. Na taɓa tura shi ga wani ɗan kwangila cikin fushi, na ba shi kwana uku, ranar ta zo ban yi komai ba domin ban ma shirya kuɗin shigar da ƙara ba. Daga nan ya daina ɗaukar wayata, kuɗin suka zo bayan wata takwas kuma ba cikakku ba. Kada ki rubuta shi sai takardar neman biya ta wuce ba amsa, kin haƙura da cinikin, kuma kin shirya aikata abin da kika rubuta washegarin ranar da kika sa.

Ko da an kai can, kada ki rubuta cewa za ki sa 'yan sanda su kama wani. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma wanda aka tsare a kan bashi yana iya juyowa ya kai ki ƙara. Haka kuma kada ki yi barazanar tona su a gaban iyayen yara, kada ki ƙara wani kuɗi a kan bashin da sunan tarar jinkiri, domin ban da matsalar riba, kin ba su ƙofar musanta lissafin gaba ɗaya.

Ba ki tambaya ba, amma da zarar an ji ana riƙe miki kuɗi za ki ga masu zuwa da tayin karɓo miki. Wasu za su nemi kuɗin mota da na takarda tun kafin su motsa, su buga wasiƙa da sunan ofishin lauyan da babu shi, wasu kuma su je su karɓi wani abu a hannun wanda kike bi su riƙe. Idan za ki ɗauki lauya, ki je ofishinsa da ƙafarki, ki ga hatimin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa mai ɗauke da sunansa a kan takardar, kuma ki sa a rubuta cewa asusunki kaɗai za a biya. A ɓangaren masu biya kuma, kada ki rubuta wa kowa rasit saboda ya turo miki hoton tura kuɗi ko saƙon alat, sai kin duba asusunki kin ga kuɗin sun zauna.

Ga yadda zan yi da a matsayinki nake. Ki buga takardar a kan naira 320,000, ki ba su kwana goma, ki sa sunan ranar da kwanan watan, ki haɗa kwafin takardar da suka sa hannu lokacin karɓar kayan. Ki kai wa mai makarantar hannu da hannu da safe kafin ofis ya cika, ki gaishe shi da baki yadda kuka saba, domin taushin ya zauna a bakinki, takardar kuma ta tsaya a kan lissafi. Ki karɓo sa hannu a kwafinki, sannan ki ɗauki hotonta ki tura masa ta WhatsApp a ranar. Idan ya nemi biya kashi-kashi ki yarda, da sharaɗin kashi na farko ya fito a cikin kwana goman nan, sauran kuma a rubuta ranakunsu a sa hannu, kuma kada ki yanka yadin zango mai zuwa sai an gama biyan wannan.