Sharhina kan Pin da Info na WhatsApp bayan an sauya mana lokacin mitin

Ni ce ke riƙe da guruf ɗin ofis ɗinmu, kamfanin raba kayan masarufi ne a nan Kaduna, mu 26 a ciki har da direbobi da masu kai kaya shaguna. Duk wata sanarwa ta hannuna take bi, kuma idan wani bai zo mitin ba ni Oga yake fara tambaya. Shi ya sa nake son in faɗi abin da na gani game da abubuwa biyu na WhatsApp, wato Pin mai liƙa saƙo a saman guruf da Info mai nuna waɗanda suka karanta saƙo, domin sun fitar da ni kunya a ranar da na riga na sadaƙar cewa rabin mutane ba za su zo ba.

A bara kamfani ya biya kuɗi aka saka mana wata manhajar aiki, ba zan ambaci sunanta ba. Direbobinmu ba su taɓa buɗe ta ba, tana cin data, tana cika waya. Muka dawo guruf ɗinmu na da.

Abin da ya faru shi ne, mitin ɗinmu na Laraba ƙarfe 2:00 na rana aka dawo da shi ƙarfe 9:00 na safe, saboda Oga zai bi jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja. Ranar Talata bayan la'asar ya faɗa mini. Duk wanda ya taɓa irin aikin nan ya san matso da mitin gaba ya fi ɗage shi haɗari. Idan an ɗage, wanda bai ji ba zai zo da wuri ya jira, ya yi mita, shi ke nan. Idan an matso da shi, wanda bai ji ba sai ya iso an tashi. Muna da mutane a Rigachikun, da Mando, da Sabon Tasha, kuma wanda zai taso daga Sabon Tasha ya shigo cikin gari da safe dole ya san da maganar tun daren jiya, ba da ƙarfe takwas ba.

Ga yadda na rubuta sanarwar:

"SAUYIN LOKACI: Mitin ɗin gobe Laraba ya koma ƙarfe 9:00 na SAFE. Ba ƙarfe 2:00 na rana ba ne kuma. Wuri bai canza ba, ɗakin taro na ofis. Don Allah kada a amsa a nan, a danna ƙuri'ar da ke ƙasa."

Ban fara da doguwar gaisuwa ba, ba don rashin ladabi ba. Abin da ke fitowa a saman waya idan saƙo ya shigo layi ɗaya ne ko biyu, kuma mutane da yawa iyakar abin da suke karantawa ke nan. Idan sallama da fatan alheri suka cinye wurin, mutum zai ɗauka gaisuwa ce ya mayar da waya aljihu. Na kuma sa sunan ranar kusa da "gobe", domin wanda ya buɗe saƙon da asuba zai karanta "gobe" ya ɗauka Alhamis ake nufi. Tsohon lokacin ma sai an ambace shi an kashe shi da baki, in ba haka ba wani zai ɗauka mitin biyu ne.

Sai na danne saƙon, na zaɓi Pin. Yana ba da zaɓi uku: awa 24, kwana 7, ko kwana 30. Na ɗauki awa 24, tunda daga yammacin Talata zai kai har yammacin Laraba, ya wuce lokacin mitin, sannan ya sauka da kansa. Da kwana biyu ya rage da sai in ɗauki kwana 7 in cire shi da hannu daga baya. Akwai wani abu da na ga mutane ba sa lura da shi: ana iya liƙa saƙo fiye da ɗaya a lokaci guda, don haka sabon ba lallai ya ture tsohon ba. Tsohuwar sanarwar ƙarfe biyu tana nan a sama, sai da na shiga na yi mata Unpin. Da na bar ta, wani zai taɓa saman guruf ya ga ƙarfe biyu, kuma da gaskiyarsa.

Gaskiya Pin ya burge ni a wannan yammacin. Kafin magariba an jibga saƙonni a guruf, hoton rasit, tambayar wa ke riƙe da makullin sito, wani ya turo sitika, amma sanarwar tana nan daram a sama. A da sai in yi ta maimaita saƙo har mutane su gaji da ni.

Amma abin da ya cece ni ba Pin ba ne, Info ne. Idan ka danne saƙon da kai ka tura ka zaɓi Info, zai jero maka sunaye: waɗanda suka buɗe a ƙarƙashin Read by, waɗanda saƙon ya shiga wayarsu ba su buɗe ba a ƙarƙashin Delivered to. Kada ka tsaya jiran alamar nan biyu ta zama shuɗiya, a guruf ba ta yin shuɗi sai kowa da kowa ya karanta, mutum ɗaya da wayarsa ke kashe ya isa ya hana. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ko waɗanda suka kashe alamar karantawa a wayarsu, a guruf sunansu yana fitowa. Muna da irinsu, masu son a ce ba su gani ba.

Bayan isha'i na duba. A cikin mutum 25, ban da ni, 17 sun karanta, 5 saƙo ya shiga ba su buɗe ba, 3 bai ma isa gare su ba. Waɗannan kashi biyu na ƙarshe ciwonsu ba ɗaya ba ne, maganinsu ma ba ɗaya ba. Mutum biyar ɗin nan suna da data, guruf ɗin suka sa wa Mute saboda yawan surutu. Su sai na koma kan sanarwar na yi Reply, na rubuta alamar @ na zaɓi sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ambaton suna yana buga wayar mutum ko da ya rufe bakin guruf. Ba a jima ba huɗu suka buɗe. Su kuwa ukun da bai isa gare su ba, ko sau nawa ka ambace su a banza, domin babu data, ko babu caji, ko babu sabis. Sai kira. Ɗaya direbanmu ne yana hanyar dawowa daga Saminaka, na same shi da ƙyar.

"Malam, kana ji na? Mitin ɗin gobe ya dawo ƙarfe tara na safe."

"Hajiya, wallahi datata ta ƙare tun jiya. Taran safe kika ce? To Allah ya kai mu, da sai dai in zo da azahar."

Na biyun wayarsa na wajen mai caji saboda an ɗauke musu wuta, ta wayar matarsa na isar da saƙo. Na ukun da ragowar mutum ɗaya daga cikin biyar ɗin na bi su da kira da saƙon tes. Washegari ƙarfe tara da 'yan mintuna kowa na zaune. Kira huɗu kacal na yi maimakon 25, kuma na san takamaimai wa zan kira.

To a nan ne zan rage yabon, domin da na zauna na yi tunani sai na ga Pin bai kawo mini ko mutum ɗaya daga cikin takwas ɗin nan ba. Yana amfanar wanda ya riga ya buɗe guruf ne kawai. Wanda bai shiga ba, ko shekara saƙon zai yi a sama bai san da shi ba. Haka wanda aka saka a guruf bayan an tura saƙon, ba zai gan shi ba duk da an liƙa, sai an sake turo masa. Read by ɗin ma buɗewa yake nunawa, ba fahimta ba. Mutum zai shiga don ya ga hoton rasit ya fita, a lissafa shi cikin waɗanda suka karanta. Dalilin ƙuri'ar ke nan. Na yi Poll mai zaɓi biyu, "Na gani, zan zo 9:00" da "Na gani, ba zan samu zuwa ba", na kashe Allow multiple answers don kada a danna duka biyun. Wanda ya danna ya ga tara da idonsa. Ga direbobin da karatun boko bai zauna musu sosai ba na ƙara saƙon murya gajere, shi ma Info ɗinsa yana nuna wanda ya saurara a ƙarƙashin Played by.

Abin da ya ɓata mini rai har yanzu kuwa wani mako ne da ina hutu, wani abokin aikinmu ya riƙe guruf. Ya tura sanarwa cewa mitin ƙarfe 11:00 ne, aka ce masa 10:00 ne, sai kawai ya danna Edit ya gyara lambar ya yi shiru. Edit an yi shi ne don gyaran kuskuren rubutu a cikin minti 15 na farko, ba ya sake buga wayar kowa, ɗan rubutun Edited kawai yake sawa a gefe. Waɗanda suka riga suka karanta sha ɗaya, sha ɗaya suka riƙe. Mutum shida suka makara, Oga ya yi musu faɗa a gaban jama'a, ciki har da wata baiwar Allah da ta baro jariri a Tudun Wada ta hau Keke Napep biyu. Da na dawo na nuna masa, sai cewa ya yi ai saƙon yana nan daidai, kowa ya duba. Eh yana nan daidai, amma wa zai koma ya sake karanta abin da ya riga ya karanta? Idan lokaci ya canza, sabon saƙo ake turawa, tsohon a goge shi da Delete for everyone in bai wuce kamar kwana biyu ba, in ya wuce a yi masa Reply a ce an soke.

Sai masu "an gani, Allah ya kai mu" su ashirin a jere, ko an roƙe su kada su amsa. Ana iya rufe guruf ya zama admin kaɗai ke tura saƙo, amma ni ba na yi da rana, domin direba na iya samun lalacewar mota a gadar Kawo yana neman taimako a nan ɗin.

Idan tambaya ita ce ko zan ci gaba da amfani da su, zan ci gaba. Info ba na tura sanarwar mitin ban duba shi ba kafin in kwanta. Pin kuwa ina sawa ne don masu tambayar "ƙarfe nawa aka ce?" su daina kirana, amma katin kira na mutanen da ke ƙasan jerin nan har yau daga aljihuna yake fita, kuma na rubuta wa akanta a saka shi cikin kuɗin ofis.