Zurfi a cikin zane: na layi da na hazo

"Dan Allah masu zane, meye bambancin fasfektif na layi da na iska a zanen Italiya na zamanin Renesans? Ni dai duka nisa nake gani."

To malam, fasfektif dabarar nuna nisa ce a cikin zane. Na layi girman abu yake taɓawa, na iska kuma kala yake taɓawa. Mu ɗauki zane ɗaya, Jibin Ƙarshe da Leonardo da Vinci ya yi a bangon ɗakin cin abinci na gidan ibadar Santa Maria delle Grazie a Milan tsakanin 1495 da 1498, duka biyun suna ciki.

Kalli silin da bangon hagu da dama, in ka ɗora rula ka bi layukan za ka ga duk sun je sun haɗu a ɗigo ɗaya, daidai gefen kan Yesu, har ramin ƙusar da ya kafa a wajen don ya riƙa jan zare an gano shi. Ƙa'idar lissafi ce zalla, abin da ya ninka nisa daga idonka tsayinsa rabi yake komawa, shi ya sa murabba'an silin suke ta matsewa in suna shiga ciki, bango a shafe amma sai ka rantse ɗakin ya ci gaba. Mai tsara gine-gine Brunelleschi ne ya fara gwada wannan a Florence, masani Alberti ya rubuta shi a littafi a 1435.

Amma fa sai da gini ko daɓe ko wani abu mai miƙaƙƙen layi yake aiki sosai. Tsauni ina layinsa? Duba zanen Yaƙin San Romano na mai zane Uccello, ya jera karyayyun masu a ƙasa suna nuna ɗigo ɗaya tsaf, amma tudun da ke baya ya tashi tsaye, kalarsa da kaifinsa kusan ɗaya da na gaba, ido ya ƙi yarda yana da nisa.

Nan na iska yake shigowa. Koma tagogi ukun da ke bayan Yesu, tuddan can shuɗi-shuɗi ne, sun koɗe, gefensu ba kaifi. Leonardo ya lura iskar da ke tsakaninka da abu tana watsa haske, in tazarar ta yi yawa sai baƙi ya daina zama baƙi ƙirin, kala ta ja zuwa shuɗin sama, ƙananan abubuwa su ɓace. Kamar yadda bishiyoyin nesa suke dishewa ranar hazo a hunturu, sai dai namu ƙura ce shi ya sa yake fari-fari ba shuɗi ba. Wannan ba rula, ido ne da haɗin fenti, kuma gaskiya shi ya fi wuya a wajena, don in ka cika fari a jikin abin da yake kusa sai zanen gaba ɗaya ya zama kamar an wanke shi.

In kana son gane wanne aka yi amfani da shi, rufe ginin da hannu, in har yanzu kana jin nisa to aikin iska ne.