Jerin farashin man shafawa: wane tsari ya dace da mai sayarwa zuwa wasu garuruwa?

Matar da ke zaune a Fatakwal ba za ta iya buɗe robar man kaɗanyar da ke Kano ta shinshina ba, balle ta lakata ta murza a bayan hannunta. Abin da aka rubuta shi ne idonta da hancinta, don haka ya kamata mai sayarwa ta yi nazari kafin ta zaɓi tsarin da za ta bi.

Tsarin sa hoto tare da cewa a yi magana ta akwatin saƙo don jin farashi shi ne mafi rauni a ganina, domin mai saye tana zargin cewa kowa da kuɗin da ake yanka masa. Jerin farashi a hoto guda ya fi shi, sai dai tsohon hoto yana ci gaba da yawo bayan kaya sun tashi, shi ya sa dole a rubuta kwanan wata a jikinsa. Sashen Catalog na WhatsApp Business ya fi su duka, tunda kowane kaya yana da hotonsa da bayaninsa da farashinsa, kuma ana gyarawa a wuri ɗaya.

Kowanne aka zaɓa, kalmomin "ƙarama" da "babba" ba awo ba ne. A ce robar giram 250 tana naira 3,000, ta giram 500 kuma naira 5,500. Da an rubuta nauyin, mai saye za ta gane cewa giram 100 ya kama naira 1,200 a ƙaramar, 1,100 a babbar, kuma idan kuɗin aike ɗaya ne, babbar ta fi mata sauƙi. Na fi son a ware kuɗin aike gari-gari maimakon a cusa shi cikin farashi, a kuma faɗa ko a tasha za a karɓa daga hannun direba ko har ƙofar gida za a kai, domin a nan ne rigima ta fi tashi.

Bayanin kayan kuwa ya faɗi abubuwan da aka haɗa, ranar lalacewa, da lambar rajistar NAFDAC idan akwai. Idan ɗanyen man kaɗanya ne, a bayyana cewa yana da ƙamshinsa na asali, kuma yana iya narkewa a cikin mota mai zafi, ya sake daskarewa da gudaji-gudaji ba tare da ya lalace ba. Wadda ba a gaya mata haka ba, da ta buɗe murfi ta ga gudajin, za ta ɗauka jabu aka aiko mata, ta nemi a mayar mata da kuɗinta.