Undo Send ko Recall: Wanne Ne Abin Dogaro?

"'Yan'uwa, jiya na aika wa wani imel ɗin da ba nasa ba. Tsakanin Undo Send na Gmail da Recall na Outlook, wanne ya fi dawo da saƙo?"

Malam, ka riƙe Undo Send, amma ka sani cewa ba dawo da saƙo yake yi ba, hana shi fita yake yi tun farko. Idan ka danna Send, Gmail yakan nuna maka cewa wasiƙa ta tafi, alhali tana ajiye a wurinsa har sai daƙiƙun da aka ƙayyade sun cika, sannan ya miƙa ta ga na'urar da ke karɓar wasiƙun mutumin. Kafin lokacin ya cika babu abin da ya isa gare shi, ko sanarwa ba za ta shiga wayarsa ba. Da zarar an miƙa ta kuwa, ta fita daga hannunka, domin tsarin aika imel bai tanadi hanyar karɓo abin da aka riga aka miƙa ba.

Na ga amfaninsa ranar da zan tura wa wani abokin ciniki takardar farashi, sai na haɗa masa wadda ke ɗauke da kuɗin da na saro kayan. Ina danna Send idona ya faɗa kan sunan fayil ɗin, gabana ya faɗi. Na danna Undo a ɗan akwatin da ya bayyana a ƙasan allo ta hagu, wasiƙar ta sake buɗewa yadda na rubuta ta, na sauya takardar, har yau bai san an yi haka ba. Abin da ya cece ni shi ne na riga na tsawaita jinkirin, domin daƙiƙa 5 da Gmail ke zuwa da su ba su isa mutum ya farga har ya kai hannu ba. Ka shiga Settings a kwamfuta, ka zaɓi See all settings, a ƙarƙashin General za ka ga Undo Send da zaɓi huɗu: 5, 10, 20 da 30. Ka ɗauki 30, kada kuma ka manta da Save Changes a can ƙasa. Iyakar hasararka ita ce kowace wasiƙa za ta makara da rabin minti.

Recall kuwa bin saƙo yake yi bayan ya riga ya isa, kuma yana aiki ne kawai idan kai da wanda ka aika wa kuna kan tsarin imel na Microsoft 365 ko Exchange na ma'aikata ɗaya. Ga mai adireshin Gmail ko Yahoo ba ya tsinana komai.

Sannan ka yi hattara da masu tallar manhaja, ko masu cewa za su goge maka wasiƙa daga akwatin wani idan ka biya su ka kuma ba su kalmar sirrinka. Ba su da ikon yin haka, akwatinka suke so su shiga. Ta jiya ta riga ta isa, sai dai ka rubuta wa mutumin ka roƙe shi ya goge ta, yau kuma ka mayar da jinkirinka daƙiƙa 30.